Takarda Kafin Kwamfuta: Nasiha Ga Masu Koyon Jera Taurari Da Lambobi

Ƙannena masu fara koyon rubuta manhaja, kusan duk malamin da kuka je wurinsa, da ya gama nuna muku yadda ake sa kwamfuta ta maimaita aiki, abin da zai biyo baya shi ne ya zana wasu taurari a allo cikin siffar dala ko alwatika, ya ce ku rubuta umarnin da zai fito da su. A nan ne da yawa ke fara karaya. Wasu su kwafi amsa su haddace, ranar jarrabawa a juya musu dalar ƙasa ta koma sama, su rasa ta inda za su kama. Nasihata gare ku guda ɗaya ce: kada ku taɓa kwamfuta sai kun ɗauki takarda da biro kun ƙirga abin da ke cikin kowane sahu na zanen. Wanda ya iya wannan ƙirgen, rubuta umarnin ba zai ɗauke shi minti biyar ba.

Za mu yi aikin da yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, domin shi ne ya fi sauƙin karantawa ga ɗan koyo. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya gwada komai a wayarsa ta Android da manhajar Pydroid 3. Kuma don kada mu rikice, zan riƙa cewa "layi" idan ina nufin layin umarnin da kuka rubuta, in ce "sahu" idan ina nufin jerin taurarin da ya fito a allo.

Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne halin kwamfuta wajen rubutu. Ba ta ganin dala, ba ta ganin alwatika. Tana fara rubutu daga hagu zuwa dama, harafi bayan harafi, kuma idan ta sauka sahu na ƙasa ba ta komawa sama ta gyara wanda ta bari. Saboda haka kowane zane, komai kyansa, dole a gina shi sahu-sahu daga sama zuwa ƙasa, kuma dole a kammala kowane sahu kafin a sauka na gaba. Ku tuna da mai shuka a gona: yakan kama kunya ɗaya ya bi ta rami-rami har ƙarshenta, sannan ya tsallaka kunya ta biyu ya sake farawa daga ramin farko. Ƙirge biyu yake yi a lokaci guda, na kunyoyi da na ramukan da ke kan kunyar da yake kai. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar madauki biyu, ɗaya a cikin ɗaya.

Madauki shi ne umarnin maimaitawa, wanda a Python ake farawa da kalmar `for`. Na waje yana ƙirga sahu-sahu, na ciki kuma yana ƙirga abin da za a rubuta a sahu ɗaya. Ga mafi sauƙin misali, sahu uku, kowanne da taurari biyar:

```python
for i in range(3):
    for j in range(5):
        print("*", end="")
    print()
```

Abin da zai fito a allo shi ne:

```
*****
*****
*****
```

Mu bi shi a tsanake, domin duk sauran darasin a kan waɗannan layuka huɗu ya ginu. Madaukin waje ya shiga zagayensa na farko, sai ya miƙa aiki ga na ciki. Na ciki ya yi zagaye biyar cif, kowane zagaye tauraro ɗaya. Sai da ya gama duka biyar ɗin sannan aka zo layi na huɗu, `print()` wanda babu komai a cikinsa, shi kuma aikinsa kawai ya sauko da rubutu zuwa sabon sahu. Daga nan madaukin waje ya shiga zagaye na biyu, na ciki kuma ya sake farawa tun daga tushe kamar bai taɓa yin komai ba. Layi na uku ya yi aiki sau goma sha biyar, na huɗu kuma sau uku kacal.

Wannan `end=""` da kuke gani yana da dalili. A al'adarsa, `print` yakan sauka sabon sahu duk lokacin da ya gama rubuta abu. Mu kuwa muna son taurarin su jeru kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa muka ce masa idan ya gama kada ya ƙara komai, ya tsaya nan inda yake. Wannan salon na Python 3 ne, wanda ya fito a 2008. Idan kuka ci karo da tsohon littafi da ya rubuta `print "*",` ba tare da baka ba, to na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi a 2020, kuma ba zai yi aiki a na'urarku ba.

Haka kuma ku lura da yadda aka tura wasu layukan ciki. A Python wannan tazarar ta farkon layi ita ce ke nuna wane layi ne ke ƙarƙashin wane madauki. An saba barin gurbi huɗu a kowane mataki. Layi na uku yana da gurbi takwas, don haka na madaukin ciki ne. Layi na huɗu yana da gurbi huɗu, don haka na madaukin waje ne. Za ku ga nan gaba cewa matsar da layi ɗaya da gurbi huɗu kawai yana iya sauya zanen gaba ɗaya.

Yanzu mu zo alwatika, inda sahu na farko ke da tauraro ɗaya, na biyu biyu, na uku uku, na huɗu huɗu. Ku rubuta wannan a takarda, lambar sahu a hagu, yawan taurari a dama. Nan take za ku ga cewa lambobin biyu ɗaya suke. Ma'ana, madaukin ciki ba zai ƙara yin zagaye biyar ko yaushe ba; yawan zagayensa zai dogara ne da sahun da ake kai. Lambar sahun kuwa tana ajiye a cikin `i`:

```python
n = 4
for i in range(1, n + 1):
    for j in range(i):
        print("*", end="")
    print()
```

A nan ne `range` ke yi wa 'yan koyo wayo. Idan aka ba shi lamba ɗaya, daga sifili yake fara ƙirge, kuma ba ya taɓa kaiwa lambar da aka ba shi. `range(4)` yana ba da 0, 1, 2, 3. Idan aka ba shi lambobi biyu, yakan fara daga ta farko ya tsaya kafin ta biyu. Shi ya sa muka rubuta `range(1, n + 1)`, wanda ke ba da 1, 2, 3, 4, daidai da yadda muka sa wa sahu-sahun lamba a takarda. A madaukin ciki kuwa ba mu damu da ko daga sifili aka fara ba, domin ba `j` muke rubutawa ba, yawan zagayen kawai muke so.

Kowane kuskure a wannan aikin yana da kamanninsa, kuma wanda ya san kamannin ba ya ɓata lokaci yana lalube. Idan kuka ga sahu uku maimakon huɗu, kun rubuta `range(1, n)` kun manta da ƙarin ɗaya. Idan kuka ga sahun farko fayau babu komai, na ƙarshe kuma da taurari uku, kun rubuta `range(n)`, sai `i` ya fara daga sifili. Idan taurari goma suka jeru a sahu ɗaya dogo, kun manta da `print()` na ƙarshe. Idan suka sauko ɗaya ƙarƙashin ɗaya, akwai dalilai biyu da ke kawo haka, kuma ana iya bambance su da ido. In akwai sahun da babu komai a tsakanin rukuni-rukuni, ɗaya, sai biyu, sai uku, to `end=""` kuka bari. In kuwa sun sauko a jere babu tsallake ko ɗaya, to `print()` na ƙarshe kuka tura ciki har ya faɗa ƙarƙashin madaukin ciki, yana sauka sahu bayan kowane tauraro.

Duk waɗannan kura-kuran Python ba zai yi muku ƙorafi a kansu ba, domin umarnin da kuka ba shi ingantacce ne, shi dai ba abin da kuke nufi ba ne. Akwai kuma waɗanda zai tsaya ya faɗa muku. Idan kuka manta da tura layi ciki bayan `for`, zai rubuta `IndentationError`. Idan kuka bar ɗigo biyun nan na ƙarshen layin `for`, zai ce `SyntaxError`. Masu aiki da waya su yi hattara da madannin da ke mayar da harafin farko babba da kansa, domin `Print` da `print` ba ɗaya ba ne a wurin Python, zai ba ku `NameError`. Ku karanta saƙon kafin ku goge komai, yana ɗauke da lambar layin da matsalar take.

To, ga dala, wadda ita ce ainihin gwajin wanda ya fahimta:

```
   *
  ***
 *****
*******
```

Mai gaggawa zai ce taurari ne kawai a nan. Amma tunda kwamfuta daga gefen hagu take fara kowane sahu, babu yadda za a yi tauraron sama ya je tsakiya sai an rubuta wani abu kafinsa da zai tura shi. Abin nan shi ne gurbi, irin wanda ake bari tsakanin kalmomi. Ido ba ya ganinsa, amma a wurin kwamfuta harafi ne kamar kowane harafi, kuma dole a ƙirga shi. Don haka takardarku za ta zama da ginshiƙi uku: lambar sahu, yawan gurabe, yawan taurari. Sahu na ɗaya gurabe uku, tauraro ɗaya. Na biyu gurabe biyu, taurari uku. Na uku gurbi ɗaya, taurari biyar. Na huɗu babu gurbi, taurari bakwai. Guraben da ke gefen dama ba a ƙirga su, domin babu abin da suke turawa.

Sai a nemi alaƙar kowane ginshiƙi da lambar sahu. Mu fara da gurabe: 3, 2, 1, 0, alhali sahu-sahun su ne 1, 2, 3, 4. Ku tara kowace lamba da abokiyarta: ɗaya da uku huɗu, biyu da biyu huɗu, uku da ɗaya huɗu, huɗu da sifili huɗu. Ashe kullum jimlar ita ce yawan sahu-sahun, wato `n`. Saboda haka gurabe su ne `n - i`. Duk lokacin da kuka ga ginshiƙi yana raguwa da ɗaya yayin da sahu ke ƙaruwa, ku gwada wannan tarawar.

Taurarin kuma su ne 1, 3, 5, 7. Tambayar da za ku yi ita ce, da nawa suke ƙaruwa daga sahu zuwa sahu? Da biyu. To lallai akwai `2 * i` a cikin amsar. Ku rubuta ninkin lambobin sahu a gefe: 2, 4, 6, 8. Ku kwatanta da abin da ake nema, za ku ga kowanne ya zarce da ɗaya. Sai a cire ɗayan, a sami `2 * i - 1`. Kada ku yarda da shi sai kun gwada a sahu na farko da na ƙarshe, domin a bakin iyaka kuskure ke ɓuya. Sahu na ɗaya: biyu a cire ɗaya, saura ɗaya. Sahu na huɗu: takwas a cire ɗaya, saura bakwai. Ya yi daidai. Wannan dabarar tana aiki ga kowane ginshiƙi da ke ƙaruwa da adadi guda: ku ninka `i` da adadin ƙaruwar, sannan ku ƙara ko ku rage abin da ya yi saura.

Yanzu ne lokacin taɓa kwamfuta. Kowane sahu yana da ayyuka uku a jere, gurabe, taurari, sauka ƙasa:

```python
n = 4
for i in range(1, n + 1):
    for j in range(n - i):
        print(" ", end="")
    for j in range(2 * i - 1):
        print("*", end="")
    print()
```

Ku dubi madaukan ciki guda biyu da kyau. Tazararsu daga hagu ɗaya ce, domin ba ɗaya a cikin ɗaya suke ba, ɗaya bayan ɗaya suke. Na gurabe ya gama nasa, sannan na taurari ya fara. Idan kuka tura na taurari cikin na gurabe, sahu na farko zai sami taurari uku a warwatse, sahu na huɗu kuma ya fito fayau, tunda a can madaukin gurabe ba ya zagaye ko sau ɗaya.

Idan dalar ta fito a karkace kun rasa dalili, ga shawara mai sauƙi: ku canza gurbin da ke tsakanin alamun zance zuwa ɗigo, wato `print(".", end="")`. Nan take abin da ke ɓoye zai bayyana, ku ƙirga ɗigogin ku kwatanta da takardarku. Ku kuma tabbata akwai gurbi na gaske a cikin `" "`, domin `""` babu komai a ciki, kuma da shi taurarin duka za su manne a gefen hagu.

Akwai wani kuskuren da ya fi waɗannan ɓoyo, wato amfani da harafi ɗaya a madaukin waje da na ciki. A ce kun rubuta `for i in range(n - i)` a madaukin gurabe. Python ba zai ce uffan ba, amma madaukin cikin zai taka lambar sahun ya ɗora tasa a kai, kuma lokacin da aka zo lissafin taurari, `i` ɗin da ake amfani da shi ba na sahu ba ne. Maimakon 1, 3, 5, 7, za ku sami taurari uku, sai ɗaya, sai babu, sai bakwai. Duk lokacin da zane ya fito a hargitse haka ba tare da tsari ba, ku fara duba sunayen. Maimaita `j` a madaukai biyu da ke bin juna ba laifi, tunda na farko ya gama kafin na biyu ya fara. Amma `i` na madaukin waje ne shi kaɗai.

Zanen lambobi ba sabon darasi ba ne. Siffar tana nan yadda take, tambaya ɗaya ce ta ƙaru: me za a rubuta a kowane wuri maimakon tauraro? Mu koma alwatikarmu:

```python
for i in range(1, 5):
    for j in range(1, i + 1):
        print(j, end=" ")
    print()
```

Wannan zai ba da `1`, sai `1 2`, sai `1 2 3`, sai `1 2 3 4`. A wannan karon mun sa `j` ya fara daga ɗaya, domin yanzu shi ake nunawa a allo. Mun kuma sa gurbi a cikin `end=" "` don lambobin su rabu da juna. Idan kuka canza `j` zuwa `i` a layi na uku, za ku sami `1`, sai `2 2`, sai `3 3 3`, sai `4 4 4 4`. Daga nan za ku iya fitar da ƙa'ida da kanku. In lambar tana canzawa yayin da ake tafiya dama a sahu ɗaya, `j` ce. In ba ta canzawa sai an sauka sabon sahu, `i` ce.

Akwai kuma zanen da ba `i` ba ne, ba `j` ba ne. Ana kiransa alwatikar Floyd, da sunan Robert W. Floyd, masanin kimiyyar kwamfuta ɗan Amurka da ya sami lambar yabo ta Turing a 1978:

```
1
2 3
4 5 6
7 8 9 10
```

A nan ƙirge yana ci gaba ne daga inda sahun baya ya tsaya. `j` ba zai iya ba, domin yana komawa ɗaya a kowane sahu. Ana buƙatar maƙirgi na uku wanda babu madaukin da ke mayar da shi baya:

```python
k = 1
for i in range(1, 5):
    for j in range(i):
        print(k, end=" ")
        k = k + 1
    print()
```

Ina so ku yi gwaji biyu da wannan, da gangan. Na farko, ku ɗauke `k = 1` daga sama ku sa shi a cikin madaukin waje, kafin na ciki. Za ku ga zanen ya koma `1`, `1 2`, `1 2 3`, domin yanzu ana mayar da maƙirgin ɗaya a farkon kowane sahu. Na biyu, ku mayar da shi wurinsa, sannan ku jawo `k = k + 1` baya da gurbi huɗu, ya daidaita da `print()` na ƙarshe. Zanen zai koma `1`, `2 2`, `3 3 3`, domin yanzu sau ɗaya ake ƙara shi a kowane sahu. Layukan ba su canza ba, wurin zamansu kawai ya canza. Wurare uku ne a wannan tsarin: abin da ke sama da madaukai duka yana faruwa sau ɗaya tak, abin da ke cikin na waje yana faruwa sau ɗaya a kowane sahu, abin da ke cikin na ciki yana faruwa a kowane harafi. Kafin ku rubuta kowane layi, ku tambayi kanku sau nawa ya kamata ya faru, amsar ita za ta gaya muku inda za ku ajiye shi.

Ba da daɗewa ba wani zai nuna muku gajeriyar hanya. A Python ana iya ninka harafi da lamba, ta yadda `"*" * 5` zai ba da taurari biyar a take, kuma kowane sahun dala ya koma layi ɗaya: `print(" " * (n - i) + "*" * (2 * i - 1))`. Hanya ce ingantacciya, kuma ku lura cewa lissafin takardarku ne dai a cikinta. Sai dai ina ba ku shawara ku jinkirta ta tukuna. Tana aiki ne kawai idan abu ɗaya ake maimaitawa, ba za ta fitar muku da alwatikar Floyd ba. Kuma ranar da kuka koma yaren C ko Java, wannan ninkin da alamar tauraro babu shi a can, alhali madauki cikin madauki yana nan da tsarinsa.

Ga aikin da zan bar muku. Ku kifar da dalar, sahu mai taurari bakwai ya koma sama. Ku zana ginshiƙan nan uku, za ku tarar sahu-sahun nan ne dai na ɗazu, an karanto su daga ƙasa. Ke nan madaukan ciki ba sa buƙatar gyara ko kaɗan, na waje ne zai yi ƙirge da baya, da `range(n, 0, -1)`, wanda ke ba da 4, 3, 2, 1. Idan wannan ya fito, ku haɗa dala da kifaffiyarta, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su zama siffa mai tsini sama da ƙasa. A gwajin farko za ku ga sahu mai taurari bakwai ya fito sau biyu a tsakiya. Kada ku tambayi kowa. Ku rubuta lambobin da madaukin waje na farko ya bayar, da waɗanda na biyu ya bayar, ku nemo wadda ta maimaitu, sannan ku yanke shawarar lambar da ya kamata na biyun ya fara da ita.